Aikin tura ciniki yana hawa kan ɗan'uwansa, wane kwaɗo zan sa masa?

Nafi'u: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman shawara. Akwai shagon magani da nake kula wa da kwamfuta, babban shagon a Sabon Gari, reshe a Samaru. A kwamfutar reshen na sa `cron` yana tayar da `sync.sh` duk minti 5, ya kwashi cinikin da ba a tura ba ya kai wa sabar babban shago, in ya gama ya yi musu alamar an tura. A kullum bai wuce sakan 40 ya gama. Ran Litinin da yamma netwok ya yi nauyi, da na duba sai na ga na ƙarfe 4:00 bai gama ba sai 4:13. Kafin nan na 4:05 da na 4:10 sun taso, kowanne ya kwashi cinikin nan dai ya sake turawa. Rasit ɗaya ya shiga sau 3. Alhaji ya ga lissafi ya ce kaya sun ɓata a reshe, har an fara kallon yaran shago. Me kuke amfani da shi don hana wannan?

Auwal Bakano: Wa alaikumus salam. Ka mai da shi duk minti 15 mana, magana ta ƙare.

Nafi'u: Yaya Auwal, in kuma wata rana ya kai minti 20 fa?

Auwal Bakano: Sai ka mai da shi 30. Ku Zage-zagi komai sai kun kai shi gaban farfesa.

Idi Kwangila: Bakano ya fara. Shi a wurinsa duk abin da bai shafi riba ba ɓata lokaci ne.

Sadiya: Ni kuwa na ɗauka `LOCK TABLES` ake nufi. An koya mana shi a zangon da ya wuce. Ba shi zai sa ba?

Anti Rabi: A'a Sadiya, wancan tebur yake kullewa a cikin MySQL. In ya sa shi, mai karɓar kuɗi a shago ma zai tsaya jira kafin ya buga rasit. Nafi'u ba bayanan yake son kullewa ba, aikin kansa yake son kada a samu biyu suna tafiya a lokaci guda. `cron` ba ruwansa da ko na baya ya gama, agogo kawai yake kallo. Nafi'u, wane Linux ne a kan kwamfutar, kuma ita kaɗai ce ke tura wannan cinikin?

Nafi'u: Ubuntu 22.04 ne Anti. Ita kaɗai ce. Na fara rubuta wani abu daren jiya, ban sa shi ba tukuna:

```
[ -e /opt/shago/sync.lock ] && exit 0
touch /opt/shago/sync.lock
# aikin turawa
rm /opt/shago/sync.lock
```

Malam Shehu: Don Allah ƙanena kada ka sa wannan. Tsaya in ba ka labarin abin da ya same ni da shi, don layukan nan da ka rubuta su na rubuta shekarun baya, kusan harafi da harafi.

Wata makarantar kuɗi ce a wajen Tudun Wada nake yi wa aiki a lokacin. Kuɗin makaranta da iyaye ke biya a ofis ana shigar da su a kwamfuta, duk minti 10 a tura zuwa sabar da mai makarantar ke dubawa ta waya. Na gamu da irin matsalarka, na sa fayil ɗin alama kamar yadda ka yi, ya yi wata da watanni lafiya lau. Wata Alhamis da azahar aka ɗauke wuta, batirin inbata kuma ya riga ya gaji, kwamfutar ta mutu aikin yana tsakiya. Layin `rm` bai samu ya gudana ba. Da aka tada janareta kwamfutar ta dawo, fayil ɗin yana nan zaune a folda. Duk minti 10 `cron` ya taso, ya ga fayil, ya ɗauka wani na aiki, ya koma. Babu kuskure, babu saƙo, babu komai. A allon ofis komai daidai, rasit yana fita.

Sai ran Litinin mai makaranta ya kira ni ransa a ɓace, wai tun Alhamis ko kwabo bai shigo ba alhali makon farkon zango ne. Kafin ya kira ni ya riga ya kira mai karɓar kuɗin ya yi mata magana mai zafi a gaban mutane. Baiwar Allah ce mai gaskiya, ta yi kuka ranar. Na zo na goge fayil ɗaya wanda ko harafi babu a cikinsa, cikin minti 3 kuɗin kwana 4 suka bayyana. An ba ta haƙuri, amma har ta bar wurin ba ta sake sakin jiki da su ba. Abin nan har yau yana damuna.

Bayan nan na ce bari in gyara, na ƙara `trap` don ya goge fayil ɗin in an katse aikin. Ya taimaka in ni na katse shi da hannu. Amma ɗaukewar wuta ba ta sallama, `kill -9` ma haka, `trap` ba ya samun damar yin komai. Na koma rubuta lambar PID a cikin fayil ɗin, sabon da ya taso ya duba ko mai lambar yana raye. Shi ma ya ci ni sau ɗaya: bayan kwamfuta ta sake tashi, wani aiki dabam ya gaji lambar, nawa ya duba ya ga mai lamba da rai, ya haƙura. A garin da wuta ke tafiya ba sanarwa, duk kwaɗon da sai aikin ya dawo da ƙafarsa ya buɗe, wata rana zai kulle ka a waje.

Idi Kwangila: Innalillahi. Allah ya saka mata.

Sadiya: Amin. Malam wannan ya ba ni tsoro wallahi, irinsa na sa a furojet ɗina.

Auwal Bakano: Ranka ya daɗe ai kuskuren `touch` ne. `mkdir` ake yi. Tsakanin dubawa da ƙirƙirar fayil biyu suna iya shigewa tare, amma `mkdir` ɗaya ne kawai zai ci, ɗayan ya faɗi.

Anti Rabi: Wannan gaskiya ne Auwal, `mkdir` ya toshe wancan ramin. Amma bai taɓa abin da ya sami Malam Shehu ba. In wuta ta tafi, foldar za ta kwana a wurin kamar yadda fayil ɗin ya kwana.

Nafi'u, abin da kake so yana kan kwamfutarka tuni, sunansa `flock`, yana zuwa cikin `util-linux`. Sa wannan a saman `sync.sh`, ƙasa da layin farko:

```
exec 9>/run/lock/sync.lock
flock -n 9 || { logger -t sync "na tarar da wani, na tsallake"; exit 0; }
```

Layin farko ya buɗe fayil ɗin ya riƙe shi da lamba 9. Na biyu ya nemi Linux ya ba shi kwaɗo a kan abin da ya buɗe. `-n` yana nufin in wani na riƙe da shi kada ya jira, ya dawo nan take. Bambancinsa da naka shi ne kasancewar fayil ɗin ba ita ce kwaɗon ba. Linux ne yake riƙe da lissafin wanda ya kama, a cikin ƙwaƙwalwarsa, kuma da zarar mai riƙon ya mutu ta kowace hanya, ko ya gama lafiya, ko an kashe shi, ko wuta ce ta tafi, kwaɗon ya saku. Ba ka da wani abin gogewa.

Nafi'u: To a ƙarshen aikin ba sai na sa `rm` ba ke nan?

Anti Rabi: Kada ka kuskura. Ka bar fayil ɗin a wurinsa, babu abin da ya tsare. In ka goge shi lokacin da wani ke riƙe da shi, mai riƙon yana nan da tsohon fayil a hannu wanda ba shi da suna yanzu, sabon da ya taso kuma zai ƙirƙiri wani fayil mai sunan nan ya kulle shi ba gardama. Kowa da kwaɗonsa, kowa yana ganin shi kaɗai ne, ka koma gidan jiya.

Malam Shehu: Wannan ita ce ɗabi'ar da ta fi wuyar bari ga wanda ya saba da tsohuwar hanya. Aiki ya tsaya, hannu ya tafi ga `rm` tun kafin kai ya yi tunani.

Auwal Bakano: Ni a `crontab` nake sa nawa, layi ɗaya, ba sai na taɓa cikin fayil ba:

```
*/5 * * * * flock -n /run/lock/sync.lock /opt/shago/sync.sh
```

Anti Rabi: Yana aiki. Dalilin da na fi son na ciki shi ne ranar da Alhaji zai kira Nafi'u ya ce bai ga cinikin safe ba, Nafi'u zai shiga ya buga `sync.sh` da hannu. In kwaɗon a `crontab` yake, na hannun bai san da shi ba, zai wuce ta gefe. Amma a zaɓi guda. In kun sa duka biyun da fayil ɗaya, na waje zai kama, na ciki ya tarar a kame, aikin ba zai taɓa gudana ba.

Idi Kwangila: Mu masu Windows fa? Yawancin shagunan da nake zagayawa daga PZ har Kwangila babu mai Linux.

Anti Rabi: Naku a shirye yake. A Task Scheduler, shafin `Settings`, can ƙasa akwai zaɓin abin da za a yi in aikin yana gudana. Ka tabbatar yana kan `Do not start a new instance`.

Idi Kwangila: Na duba ɗaya yanzu, a kai yake. To me ya sa nake ganin biyu wani lokaci?

Anti Rabi: Fayil ɗin `.bat` naka da `start` yake tayar da shirin?

Idi Kwangila: Eh.

Anti Rabi: Shi ne nake zargi. `start` yana sakin shirin ya tafi abinsa, `.bat` ya ƙare nan take, ba lalle mai tsara lokacin ya ci gaba da lissafa aikin a matsayin mai gudana ba. Cire shi ko ka mai da shi `start /wait` ka gani.

Mai Unguwa: Jama'a ku yi haƙuri in katse ku. Masu zuwa zaman Asabar a Kongo su rubuta suna kafin gobe da la'asar don a san yawan kujeru. Kuma wanda ya tafi da wayar furojekta wancan karon ya dawo da ita.

Auwal Bakano: Ba ni ba ne, ni a ranar ina Kano.

Idi Kwangila: Ba a ambaci sunanka ba ka fara rantsuwa.

Sadiya: Ni zan zo in sha Allah. Za a yi maganar nan a can?

Nafi'u: Anti na sa, na gwada da taga biyu. Na ƙara `sleep 60` na ɗan lokaci a ciki, na tayar da shi a ta farko, na tayar a ta biyu, na biyun ya fita nan take. Na kashe na farkon da `kill -9`, na sake tayar da na biyu, amma ya ƙi shiga sai da minti ɗayan ya cika. Ba cewa kika yi in ya mutu zai saku ba?

Anti Rabi: Madalla da ka gwada haka, ka gano abin da nake shirin faɗa maka. Uban ka kashe, ɗan yana raye. Duk abin da `sync.sh` ya tayar yana gadar fayil mai lamba 9 a buɗe, kuma kwaɗon ba ya sakuwa sai na ƙarshen mai riƙe da shi ya rufe. `sleep` ɗinka ne ya riƙe har ya gama. A wannan gwajin daidai ya yi ma, domin da a ce mai tura cinikin ne a madadin `sleep`, ba ka so wani ya shigo alhali yana kan turawa. Inda gadon yake cutarwa shi ne in akwai abin da ka jefa baya da `&` ka bar shi. Akwai?

Nafi'u: Akwai ɗaya a ƙarshe, mai aika wa Alhaji saƙon jimillar ciniki. Na jefa shi baya ne don kamfanin saƙon kan yi jinkirin amsawa.

Anti Rabi: To ka gani. Ranar da ya maƙale, `sync.sh` zai gama ya fita lafiya, shi kuwa yana can riƙe da kwaɗo, duk mai tasowa ya tsallake. Ka rufe masa lambar kafin ka sake shi:

```
php aika_sako.php 9>&- &
```

In kuma wata rana ka ga ana ta tsallakewa ba ka san mai riƙon ba, `fuser -v /run/lock/sync.lock` zai nuna maka duk wanda fayil ɗin ke buɗe a hannunsa. Shi za ka bi ka ga abin da yake jira. Mai irin na Auwal kuma `-o` zai ƙara wa `flock`, shi ke hana 'ya'yan gadon.

Malam Shehu: Hajiya bari in ƙara abu ɗaya a kan naki, domin shi ne darasin da na biya da tsada. `flock` ya raba ka da kwaɗon mamaci, amma bai raba ka da na mai suma ba. Aiki yana iya zama da rai yana jiran amsar da ba za ta zo ba, layin ya yanke a tsakiya shi bai sani ba. Yana raye, kwaɗo na hannunsa bisa ƙa'ida, sauran suna ta tsallakewa. Sakamakon ɗaya ne da nawa: shiru, sai mai kuɗi ya kira. Dole a sa masa iyaka.

```
*/5 * * * * timeout -k 30s 20m /opt/shago/sync.sh
```

In ya kai minti 20 a ce masa ya tsaya, in ya ƙi a ƙara masa sakan 30 a kashe shi da ƙarfi.

Auwal Bakano: Minti 20 ya yi yawa. Aikin sakan 40 ne fa. Ni 4 zan sa, ya mutu kafin na gaba ya zo, kun ga ko kwaɗon ma ba a buƙata.

Malam Shehu: A'a Auwal. Ran Litinin minti 13 ya ɗauka kuma aiki yake yi na gaskiya, netwok ne ba ƙarfi. In ka yanke shi a minti 4, tun da sai a ƙarshe yake yin alama, na gaba zai faro daga farko da kaya mafi yawa, shi ma a yanke shi. Haka za su yi ta yi har dare, babu wanda zai kai.

Auwal Bakano: Ai 13 ɗin don su uku ne suke rabon siririn layi ɗaya. Da shi kaɗai ne da bai kai haka ba.

Anti Rabi: A nan kam Auwal yana da gaskiya, haɗuwar tasu ta ƙara musu nauyi. Amma ba mu san nawa zai ɗauka shi kaɗai ba sai an auna. Nafi'u ka bar shi a 20 tukuna, ka sa `logger -t sync` a farko da ƙarshen aikin, bayan mako 2 ka duba mafi daɗewa da `journalctl -t sync` ka ninka shi biyu. A rana sau 288 yake tasowa. Tsallakewa 2 ko 3 a jere da yamma ba komai ba ne, kwaɗon ne yake aikinsa. In sun wuce 4 a jere alhali ka sa iyakar minti 20, to akwai abin da ya kuɓuce wa `timeout`, ka nemo shi.

Sadiya: Anti me ya sa ba za a bar na biyun ya jira ba? Ni gani nake in ya tsallake an yi asarar zagaye ɗaya.

Anti Rabi: Ba a yi asarar komai ba a irin aikinsa, saboda kowane zagaye duk abin da ba a tura ba yake kwasa. Wanda ya tsallake a 4:05, na 4:15 zai ɗauki kayansa. In kika cire `-n` kuwa za su yi layi. In babu `timeout`, netwok ya ɗauke awa 3, kin tara 36 suna jira, ya dawo su yi ta shiga ɗaya bayan ɗaya, na farko ne kawai yake da abin yi. Jira yana da amfani in kowane zagaye da nasa kayan dabam, misali rahoton kowace awa. Nan sai a sa `-w 60`, ya jira sakan 60 in bai samu ba ya haƙura.

Ɗanjuma: Na shigo a makare. Duk wannan wahalar ta mece ce? Ku bar `cron`, ku koma `systemd`. In aikin `Type=oneshot` ne kuma bai gama ba, lokaci ya sake yi ba za a tayar da na biyu ba. Ba kwaɗo ba fayil.

Anti Rabi: Haka ne, ni ma a sababbin sabobi shi nake sawa. Amma sai ka sa masa `TimeoutStartSec` da kanka, don `oneshot` ba shi da iyakar lokaci in ba ka ba shi ba. Kuma wanda ya buga `sync.sh` da hannu ya wuce shi. Ko da shi ina barin layuka biyun nan a ciki.

Ɗanjuma: Sai a koya wa mutum `systemctl start`. Ba a gyara tarbiyya da kwaɗo.

Malam Shehu: Ɗanjuma, ƙarfe 10 na dare mai shago yana kiranka a karo na biyar, ba kowa ke tuna tarbiyya ba.

Ɗanjuma: Allah ya gafarta Malam, ni dai ban yarda a tara maganin ciwo ɗaya kashi biyu ba. Wanda zai gaje ka ba zai san wanne ke aiki ba.

Idi Kwangila: Ku bari sai Asabar ku ƙarasa, a sa muku lasifika.

Nafi'u: Akwai abin da ya tsaya min. In `timeout` ya kashe shi bayan ya tura rasit 200 amma bai kai ga yi musu alama ba, na gaba zai sake tura su. Ashe ban tsira daga ninkin ba ke nan?

Anti Rabi: Ba ka tsira ba, kuma gara da ka gani da kanka. Ɗaukewar wuta ma haka za ta yi maka. Kwaɗo yana hana biyu tafiya tare ne kawai, ba ya hana na baya maimaita aikin na gaba. Wannan a wurin mai karɓa ake gyara shi. Teburin babban shago yana da abin da zai bambanta rasit da ɗan'uwansa?

Nafi'u: Akwai lambar reshe da lambar rasit, amma `id` ɗin tebur shi kaɗai yake ƙaruwa.

Anti Rabi: To bayan ka share waɗanda suka ninku, ka sa wannan:

```
ALTER TABLE ciniki ADD UNIQUE KEY reshe_rasit (reshe, rasit);
```

In da sauran ninki a ciki zai ƙi, ya faɗa maka wanda ya tarar. Daga nan ko sau 10 aka turo rasit, sau ɗaya zai zauna. Sai ka gyara mai karɓar, in ya ga kuskure mai lamba 1062 ya ɗauka rasit ɗin ya riga ya iso, ya amsa da cewa an karɓa. Ka tabbatar rage kaya daga sito yana faruwa ne sai in shigarwar ta ci, kuma a cikin `transaction` ɗaya da ita, in ba haka ba rasit zai zama ɗaya amma kaya su ragu sau biyu. Sannan ka daina jiran ƙarshe kafin alama, ka riƙa yi bayan kowane 50. In layi ɗaya a teburin kaya ɗaya ne ba rasit ɗaya ba, ka ƙara lambar layin a cikin makullin.

Nafi'u: Rasit ɗaya layi ɗaya ne, kayan suna wani tebur. Zan ɗauki kwafi in yi bayan sun rufe shago.

Malam Shehu: Kafin ka share komai, ka fitar da jerin waɗanda suka ninku a takarda ka kai wa Alhaji, a gaban yaran. Ka nuna masa rasit ɗaya da lokutansa 3. Kada ka gyara a ɓoye lissafi ya daidaita shi kaɗai, zargin zai zauna a ransa.

Nafi'u: In sha Allah gobe da safe zan fara da wannan Malam.

Idi Kwangila: Anti na cire `start` ɗin, zan sa ido kwana biyu.

Hauwa'u: Nawa ya ɗan bambanta. Saba biyu gare mu, an kwafi ɗaya daga ɗaya, kowacce da `crontab` iri ɗaya. Na sa `flock` tun bara amma har yanzu ana samun ninki jefi-jefi.

Anti Rabi: Ba zai hana ba Hauwa'u, kowace saba da nata `/run/lock`, ba su san da juna ba. Kwaɗon sai ya koma wurin da dukansu ke haɗuwa. In MySQL ɗaya suke amfani da shi, `SELECT GET_LOCK('sync', 0)` zai ba wanda ya riga 1, ɗayan ya samu 0 ya fita. Yana sakuwa in haɗin ya yanke, don haka dole aikin ya riƙe haɗin nan guda har ya gama.

Ɗanjuma: Matsalar ke nan ai. Haɗin ya yanke a tsakiya, MySQL ya saki kwaɗo, aikin bai sani ba yana ci gaba da tura kaya wani wuri, ɗaya sabar ta shigo. Ni da za ta ji tawa, ta cire layin daga `crontab` ɗin ɗaya kawai.

Hauwa'u: In wadda na bar wa ta mutu fa? Dalilin yin biyun ke nan.

Ɗanjuma: Sau nawa ta mutu tun da kuka kafa ta?

Hauwa'u: Sau ɗaya, amma a ranar biyan albashi.

Anti Rabi: Ina hanya yanzu, na kusa Kofar Doka. Hauwa'u turo min abin da aikin yake taɓawa banda MySQL ɗin, daga nan za a san ko `GET_LOCK` ya isa. In na sauka zan duba.

Mai Unguwa: Suna 9 kawai na gani, kuma har yanzu ba a ce komai kan wayar furojekta ba.